An ce mun shiga Yarjejeniyar Washington: shin digirina zai wuce Ostiraliya kai tsaye?

Sadiq_Kawo:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manyanmu a wannan zaure. Na gama digirin injiniya ɓangaren sibil a 2014, a wata jami'ar tarayya nan Arewa. Bayan bautar ƙasa na kama aiki da wani kamfanin gina hanyoyi, kuma na samu rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, a 2020. Yawancin aikina kwalbati ne da magudanan ruwa a cikin garin Kaduna. Yanzu ina son neman aiki a Ostiraliya. Wani mai yi wa mutane hanyar fita ya ce mini tunda Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Washington ta karɓar digirin injiniya tsakanin ƙasashe, ba sai na rubuta dogon rahoton nan na nuna ƙwarewa da ake kira CDR ba, takarduna kawai zan tura a buga musu hatimi. Ya ce in ba shi rabin kuɗinsa ya fara. Kafin in cire ko kwabo, don Allah wanda ya san gaskiyar lamarin ya faɗa mini.

Abba_Rigasa:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka. Na ga labarin da idona a 2023, an karɓi COREN a taron da aka yi a Taiwan. Ƙasashen da ke ciki duk suna karɓar injiniyoyin juna, Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostiraliya. Mai rajistar COREN yanzu daidai yake da nasu.

Injiniya_Barnawa:
Sadiq, riƙe kuɗinka tukuna. Abba, labarin da ka gani gaskiya ne, amma rabinsa ka ɗauko.

Abin da aka ba COREN a watan Yunin 2023 matsayin wucin gadi ne. Mai wannan matsayi yana zama a taro, ana haɗa shi da waɗanda za su nuna masa hanya, ana lura da yadda yake tantance kwasa-kwasan jami'o'insa. Amma sauran membobi ba su ɗauki alkawarin karɓar digirin ƙasarsa ba. Wannan sai ya zama cikakken memba, kuma kafin nan sai an turo masu bincike sun zauna sun ga yadda hukumar take ziyarar tantancewa, sannan membobi su jefa ƙuri'a. Ba abu ne na kwana biyu ba. Indiya ta samu matsayin wucin gadi a 2007, ba ta zama cikakkiyar memba ba sai 2014.

Ga kuma abin da ya fi shafarka kai Sadiq. Ko da gobe da safe aka ba mu cikakkiyar kujera, abin ba ya komawa baya. Masu tantancewa a Ostiraliya suna duba shekarar da ka gama, su duba shekarar da ƙasar ta zama cikakkiyar memba, su duba ko kwas ɗinka yana cikin jerin waɗanda hukumar ta tantance a wannan lokacin. Kai ka gama a 2014. Ta kowace fuska aka juya, kana waje. Hanyarka ita ce CDR.

Sadiq_Kawo:
Inna lillahi. Ranka ya daɗe, to rajistar COREN ɗin da na sha wahala a kanta fa? Shekara huɗu na aiki aka nema, da rahoto, da ganawa. Duk ba a kallonta?

Injiniya_Barnawa:
Ba a banza take ba, ɗana, za ka saka ta cikin takardunka kuma tana ƙara maka nauyi. Amma ƙofofi uku ne a gabanka, mutane suna haɗa su wuri ɗaya. Ta farko ita ce ta karatu: shin digirin nan ya kai mizanin nasu? Ta biyu ita ce ta lasisi: shin za ka iya sa hannu a zane ka ɗauki alhakinsa a ƙasarsu? Ta uku biza. Yarjejeniyar Washington, tun da ƙungiyoyin ƙasashe shida suka sa mata hannu a 1989, ƙofar farko kaɗai take buɗewa. Ba ta san da rajistarka ba, digiri take kallo. Hasali ma ba gwamnatoci ne suka ƙulla ta ba, hukumomin da ke tantance karatun injiniya ne suka ce wa juna: yadda kuke duba naku ya yi daidai da yadda muke duba namu, don haka ba sai mun sake bin darussan ɗalibinku ɗaya bayan ɗaya ba.

Nura_Brisbane:
Bari in ba da nawa labarin, don shi ne zai nuna inda sauƙin yake. Ni ɗan Unguwar Sanusi ne, fasfona kore ne irin na kowa. Amma a Malesiya na yi digirin injiniyan lantarki, na gama 2016. Malesiya cikakkiyar memba ce tun 2009. Da zan nemi tantancewa a wajen Engineers Australia, ƙungiyar da ke tantance takardun injiniyoyi a Ostiraliya, abin da na fara yi shi ne na buɗe jerin kwasa-kwasan da hukumar injiniyoyin Malesiya ta tantance, na nemo sunan jami'ata, sunan kwas ɗin harafi da harafi kamar yadda yake a takardata, da shekarun da tantancewar ta ƙunsa. Na same shi. Sai na tura shaidar digiri, takardar sakamakon darussa, fasfo, tarihin aiki da sakamakon jarrabawar Turanci. Shi ke nan. Ban rubuta labarin aiki ko ɗaya ba.

Abokina da muka fara shiri tare, wanda ya yi karatu a gida, ya fi ni ƙwarewa nesa ba kusa ba, don shi ya yi aiki a tashoshin rarraba wuta. Amma wata biyar ya yi yana rubutu da gyara, aka dawo masa da tambayoyi, ya sake tura ƙarin bayani. Bambancinmu ba ilimi ba ne, ba kuma ƙasar haihuwa ba. Inda aka yi digirin ne da wanda ya tantance shi.

Abba_Rigasa:
To na karɓi gyara a kan wucin gadi. Amma ke nan duk yaranmu da aka tura karatu Indiya da Turkiyya da Malesiya sun huta.

Nura_Brisbane:
A'a, ba duka ba. Kwas ake tantancewa, ba ƙasa ba, ba ma jami'a ba. Jami'a ɗaya za ka ga sibil yana cikin jeri, wani sabon kwas da suka buɗe ba ya ciki. A Indiya ma abin ya fi tsauri, kwasa-kwasan makarantun da hukumarsu ta sa a rukuni na ɗaya ne kawai suke shiga. Duk uban da zai biya wa ɗansa kuɗin karatun injiniya a waje, ya duba wannan jerin kafin ya biya, ba bayan yaro ya dawo da kwali ba.

Maman_Hanif:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, ku yi haƙuri na shigo muku. Mu ai da ma a ce muna da irin wannan. Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata, amma da na nemi rajista a Birtaniya sai da na yi jarrabawar Turanci, na yi ta kwamfuta a nan gida, sannan aka ce ta aiki da hannu, OSCE, sai na je can. Alhali wadda ta yi karatun jinya a Faransa, in za ta koma Jamus ba a sake gwada karatunta, harshe kawai za ta nuna ta iya. Me ya sa su aka yarda da su?

Lauya_Malali:
Hajiya, abin da kika gani a Turai doka ce ta Tarayyar Turai ta 2005, kuma sana'o'i bakwai ne kawai ake karɓa kai tsaye a ƙarƙashinta: likita, ma'aikacin jinya, ungozoma, likitan haƙori, likitan dabbobi, mai haɗa magunguna da mai zanen gine-gine. Dalilin da ya sa ta yiwu shi ne sun fara zama sun daidaita mafi ƙarancin horon da kowace ƙasa za ta bayar, shekara nawa, awa nawa a asibiti. Da aka daidaita tushe, sai karɓar juna ta zo da sauƙi.

Abin da zai ba 'yan zauren nan mamaki shi ne injiniya ba ya cikin bakwai ɗin. Injiniyan da ya bar wata ƙasar Turai zuwa wata inda aka kafa wa sana'ar doka, ana kwatanta horonsa da nasu, in an ga giɓi babba a ce ya yi jarrabawar cike giɓi ko ya yi aiki ƙarƙashin kulawa na wani lokaci, wanda zai iya kaiwa shekara uku. Maƙwabtan juna ke nan masu kasuwa ɗaya.

DanPoly_TudunWada:
Kullum maganar masu digiri ake yi. Mu masu babbar difiloma fa? Kaduna garin kwalejin kimiyya da fasaha ne, mu ne muka cika wuraren aiki.

Injiniya_Barnawa:
Kana da gaskiya, kuma ba a manta da ku ba a tsarin duniya. Akwai Yarjejeniyar Sydney ta 2001 don masu matakin fasahar injiniya, akwai ta Dublin ta 2002 don masu matakin da ke ƙasa da wannan. Kowace da membobinta, shiga ɗaya ba shiga ɗayar ba ne. Kada wani ya ce maka labarin Washington ya shafi babbar difiloma. Amma ƙofar CDR a buɗe take gare ka, sai dai a tantance ka a matakin da karatunka da aikinka suka nuna.

Sani_Tasha:
Ni fa ban ga abin wahala ba. Na yi aiki a Akara wata takwas, da fasfon ECOWAS na shiga, ba wanda ya tambaye ni wata yarjejeniya.

Lauya_Malali:
Malam Sani, wannan wata ƙofar ce daban. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga ba biza. Ba ta ba ka damar sa hatimi a zanen bene ba. In ka tuna, wa yake sa hannu a zanen da kuka yi aiki da shi?

Sani_Tasha:
Wani ɗan ƙasar ne, gaskiya. Mu dai muna wurin aiki.

Garba_Kakuri:
Ni tambayata daban ce, kuma da zafi nake yinta. Wa wannan abu zai amfana? Talaka ya biya haraji an koyar da yaro shekara biyar, ya fara sanin aiki, sai mu da kanmu mu share masa hanyar tafiya. Likitoci sun tafi, ma'aikatan jinya suna tafiya, yanzu injiniyoyi. Ku zo Kakuri ku ga masaƙun da suka mutu. Wa zai tayar da su in kowa ya kama hanya? Sannan karɓar juna ai hanya ce mai zuwa da dawowa. Ranar da aka ce a karɓi namu, dole mu karɓi nasu, alhali tun yanzu manyan kwangiloli a hannun baƙi suke.

Malama_Samaru:
Malam Garba, damuwarka tana da tushe, ba zan ce babu ba. Amma ni da nake koyarwa a tsangayar injiniya, bari in faɗa maka abin da neman shiga wannan yarjejeniya ya canja a ɗakin karatu. Da, in masu tantancewa sun zo, abin da aka fi ƙirgawa shi ne malamai nawa, littattafai nawa, injuna nawa a ɗakin gwaji. Yanzu tambayar ita ce: me ɗalibin da ya fita ya iya yi, kuma ina shaidar? Kowane darasi sai na rubuta abin da ɗalibi zai iya bayan ya gama shi, in nuna wace tambaya a jarrabawa ce ta auna wannan, in ajiye samfurin takardun ɗalibai, na mai ƙoƙari da na matsakaici da na mai rauni. In sakamako ya nuna yawancinsu ba su kama wani abu ba, sai in rubuta gyaran da zan yi, kuma a zagaye na gaba a tambaye ni ko na yi. Aiki ne mai cin rai ga malamin da ke da ɗalibai fiye da ɗari a aji. Amma yaron da zai amfana da shi ba mai tafiya kaɗai ba ne. Wanda zai zauna ya gina gada a nan ma ajin ɗaya suka zauna.

Garba_Kakuri:
Malama, na ji. Amma gyaran aji ai za mu iya yinsa ba tare da mun buɗe ƙofa ba. Ban gamsu ba.

Malama_Samaru:
Za mu iya, amma shekara nawa muka yi ba mu yi ba? Ni dai abin da na gani shi ne sai da aka san wani daga waje zai zo ya duba kafin aka motsa.

Injiniya_Barnawa:
A kan tsoron baƙi, Garba, Yarjejeniyar Washington ba ta ba kowa lasisi. Baƙon da ya zo da digirin da aka yarda da shi, har yanzu sai ya yi rajista da COREN kafin ya yi aikin injiniya a nan bisa doka. Yarjejeniyoyin da suke taɓa lasisi wani nau'i ne daban, kuma su ma da sharaɗi suke zuwa. Ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun yi tasu a 2005: sai kana da shekara bakwai na aiki bayan digiri, biyu daga ciki kai ne ke riƙe da babban aiki, kuma in ka je wata ƙasar tare da injiniyan gida za ka yi aiki. A gabashin Afirka, hukumomin rajistar injiniyoyi na Kenya da Tanzaniya da Yuganda sun sa hannu a tasu a 2012. Birtaniya da Amurka ma sai a 2024 suka ƙulla tasu, kuma da yake a Amurka kowace jiha ce ke ba da lasisinta, sai jihar da ta ga dama take shiga. Da ni za a tambaya, irin ta gabashin Afirka nake so mu fara nema da Gana da Saliyo da Gambiya, inda tsarin karatunmu ya yi kama, kuma inda kamfanoninmu za su iya cin kwangila.

Sadiq_Kawo:
Na gode ƙwarai. Na fasa ba mutumin kuɗi. Amma yau da na gaya masa, sai ya juya ya ce to zai sa a rubuta mini CDR ɗin, wai suna da na sibil a ajiye, suna kawai za a canja. Yaya Nura, me ake nema a ciki takamaimai?

Nura_Brisbane:
Kul, kada ka kuskura. Suna bincikar kwafi, kuma rahoton da aka sayar maka an sayar wa wasu kafin kai. In aka kama, ba ƙin karɓa kaɗai ba ne, ana hana mutum sake nema na wani lokaci, ga tabo a sunansa.

Abin da ake so: labarin aiki guda uku, kowanne tsakanin kalma 1000 zuwa 2500, a shafinsu sunansa Career Episode. Sai jerin horon da ka ƙara bayan digiri. Sai taƙaitaccen jadawali inda za ka ɗauki kowace ƙwarewa da suka lissafa ka nuna lambar sakin layin da ta bayyana a labaranka, shi ya sa ake sa wa kowane sakin layi lamba. Inda mutanenmu suke faɗuwa shi ne "mun yi". Tarbiyyarmu ce, ba ma son cewa "ni na yi". Su kuwa kai suke aunawa, ba kamfaninku ba.

Ɗauki kwalbati ɗaya da ka yi. Kada ka ce an gina kwalbati a unguwa kaza an gama lafiya. Ka ce na auna filin da ruwansa ke gangarowa wurin, misali hekta 40. Na ɗauki ƙarfin ruwan sama milimita 90 a awa, ga inda na samo adadin. Da yake unguwar ta cika da rufin kwano da daɓe, na ɗauki 0.6 a matsayin kason ruwan da ke gudu bai nutse ba. Da Q = CIA/360 na samu mita kubik 6 a daƙiƙa. Daga nan ka nuna yadda ka zaɓi girman kwalbatin, me ya sa mai aljihu biyu ba bututu ba, wace matsala ka tarar da aka haƙa, ƙasa mai laushi ce ko bututun ruwan sha ne ya gitta, da shawarar da kai ka yanke. In labarin ya zama na mai tsaye yana duba lebura kawai, ba lissafi ba zane, za su iya tantance ka a matakin fasaha maimakon cikakken injiniya, kuma wannan yana canja sunan sana'ar da za ka nemi biza da ita.

Abba_Rigasa:
To in ya je Birtaniya ya yi digiri na biyu na shekara ɗaya fa? Ai Birtaniya tana ciki tun farko. Ba shi ke nan ya wanke na farkon ba?

Nura_Brisbane:
Na san wanda ya yi wannan lissafin, ya sayar da fili ya tafi, ya dawo aka ce masa CDR dai. Digiri na biyu na shekara ɗaya ƙari ne a kan na farko, ba ya maye gurbinsa. Tushen suke kallo.

Maman_Hanif:
Sadiq, shawarata ɗaya daga abin da na sha: ka fara neman takardar sakamakon darussanka tun yau. Ni tawa wata huɗu ta yi kafin ta fito daga makarantar da na yi, har sakamakon jarrabawar Turancina ya fara tsufa, don shekara biyu ake ba shi. Ka samu takardar a hannu tukuna, sannan ka biya kuɗin jarrabawa.

Injiniya_Barnawa:
Kuma ka sani ko an tantance ka, ƙofar farko ce ka wuce. Nura yana jihar Queensland, shi zai gaya maka, can sai mai rajistar jihar ne yake aikin injiniya da kansa, in ba haka ba sai a ƙarƙashin kulawar mai ita. Wannan wani nema ne daban bayan ka isa.

Nura_Brisbane:
Haka ne, Baba. Ni ma da digirin nawa da ya wuce ba gardama, a ƙarƙashin wani na fara, sai da na tara shekarun aiki kafin na nemi tawa.

DanPoly_TudunWada:
Har yanzu dai ba a ce komai ba a kan wanda ya yi babbar difiloma, ya ɗora difilomar gaba da digiri, COREN ta yi masa rajistar cikakken injiniya. A can wane mataki za a sa shi?

Garba_Kakuri:
Ni ma tawa tambayar tana nan ba a amsa ba.

Sadiq_Kawo:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Ina da ayyuka biyu da ni na yi lissafinsu tun daga farko, kwalbatin da muka yi a 2019 da wata magudana mai tsawon kilomita ɗaya da rabi. Na ukun ne ban da shi, don sauran duk kula da aiki ne. Yaya Nura, aikin kammala digirina a kan gwajin ƙasar jar laka ne, da sakamakon ɗakin gwaji da komai, kuma kwafin yana nan a gida. Zai iya zama na uku, ko ya yi tsufa?